Ja, kore, sannan kintsawa: yadda ake koya wa kwamfuta yin rangwame ba tare da an ci uwar kuɗi ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kaya a sari ya san rangwame ba a rubuce yake ba, a kan mai shago yake. Ya dubi fuskarka, ya dubi yawan kayan da ka ɗauka, ya tuna ko ka saba zuwa, sai ya ce a cire maka kaza. Matsala tana farawa ne ranar da shagon ya girma, aka sa yara uku a kan kanta, aka sayo kwamfuta ta riƙa fitar da rasit. Kwamfuta ba ta duban fuska. Abin da aka gaya mata shi za ta yi, sau dubu a rana, kuma idan an gaya mata ba daidai ba, kuskuren ma sau dubu za ta maimaita shi ba tare da ko gezau ba.

Masu rubuta manhaja suna da wata hanyar aiki da ta dace da irin wannan wuri, wadda suke taƙaita sunanta da haruffa uku, TDD. Ma'anarta a sauƙaƙe: gwaji ne ke jan ragamar aiki. Kafin ka rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi, sai ka fara rubuta abin da zai gwada umarnin. Da jin haka mutum zai ce ai an sa keke gaban doki. To amma magini ma igiya yake fara ja kafin ya ɗora bulo, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi aikin baibai.

Wanda ya fito da hanyar fili shi ne Kent Beck, wani Ba'amurke mai rubuta manhaja. Shi da Erich Gamma suka rubuta JUnit a 1997, wato wata 'yar manhaja da ke gudanar da gwaje-gwaje ta nuna sakamako da launi: jan layi idan wani gwaji ya faɗi, koren layi idan duka sun haye. Daga nan sunayen ja da kore suka samo asali. A 2002 ya fitar da littafinsa mai suna Test-Driven Development: By Example, inda ya shimfiɗa zagayen mai mataki uku. Shi da kansa bai ce shi ya ƙirƙiro dabarar ba, ya ce sake gano ta ya yi daga wani tsohon littafin koyon aikin kwamfuta.

Zagayen ga shi. Ka rubuta gwaji guda ɗaya ƙarami, ka gudanar da shi, ka ga ya faɗi: ja ke nan. Ka rubuta mafi ƙarancin abin da zai sa ya haye: kore ke nan. Sannan ka tsaya ka share wurin, ka daidaita abin da ka rubuta cikin gaggawa ba tare da ka canza abin da yake yi ba. Wannan mataki na uku da na kira shi gyara, amma a bakin 'yan kasuwa gyara ita ce 'yar ƙarin da ake zuba wa mai saye bayan an auna, kuma tunda zancen rangwame muke yi kada a rikice. Mu kira shi kintsawa. Kowane zagaye minti biyu ne, uku, da wuya ya kai goma. Idan ya kai rabin sa'a, an ɗebo da yawa.

Mu ɗauki misali. A ce mai shagon kayan masarufi ya kira wata mai rubuta manhaja ya ce mata: "Wanda ya yi sayayyar naira dubu hamsin a cire masa kashi biyar cikin ɗari. Tsohon kwastoma kuwa kashi goma. Amma fa kada rangwamen ya yi yawa." A wurinsa ya gama bayani. Za mu ga tambayoyi nawa ke kwance a cikin waɗannan jimloli uku.

Ta buɗe kwamfuta, tana aiki da harshen Python da manhajar gwaji mai suna pytest. Ba ta fara da lissafin kashi ba. Ta fara da mafi sauƙin abin da ke cikin maganar: sabon mutum ya sayi kayan naira 10,000, ba a cire masa komai.

```python
def test_karamar_sayayya_ba_rangwame():
    assert rangwame(10000) == 0
```

Layin na biyu cewa yake yi: na dage a kan cewa idan aka ba `rangwame` 10,000, amsar sifiri ce. Ta buga `pytest`, allo ya yi ja, ya rubuta `NameError`, wato babu wani abu mai suna `rangwame` tukuna. Haka ake so. Sai ta rubuta wannan:

```python
def rangwame(kudi):
    return 0
```

Kore. Mai karatu zai yi dariya, kuma yana da gaskiya: wannan yanki ko nawa aka ba shi sifiri zai ce. Ha'inci ne ƙiri-ƙiri. Amma ha'incin yana da amfani biyu. Ya tabbatar da cewa kayan aikin a haɗe suke, gwajin yana isa ga yankin da ake nufi. Sannan ya nuna ƙarara cewa gwaji ɗaya bai isa ya tilasta gaskiya ba, ana bukatar na biyu da zai kama ɓarawon. A wannan hanya ba a rubuta layi sai wani gwaji ya nemi a rubuta shi.

Na biyun ga shi: sayayyar 60,000, kashi biyar cikin ɗari, wato 3,000. Wannan 3,000 da hannu ta lissafa shi a takarda, ba kwamfuta ta tambaya ba, kuma zan dawo kan dalilin. Ta gudanar, aka samu ja, allo ya nuna `assert 0 == 3000`. An samu sifiri, ana jiran dubu uku. Sai ta ƙara:

```python
def rangwame(kudi):
    if kudi > 50000:
        return kudi * 5 // 100
    return 0
```

Gwaje-gwaje biyu, duka kore.

Nan ne wurin da ya cancanci a daɗe. Kuskuren manhajar kuɗi ba a tsakiyar fili yake zama ba, a bakin iyaka yake. Wanda ya sayi kayan 10,000 da wanda ya sayi na 60,000 duk an san matsayinsu. To wanda rasit ɗinsa ya tsaya a 50,000 cif fa? Mai shago ya ce "wanda ya yi sayayyar dubu hamsin." Ya kai yake nufi, ko ya wuce? A hira ba wanda ke damuwa da wannan bambanci. A kwamfuta kuwa bambancin alama ɗaya ce, `>` ko `>=`, kuma a aljihun kwastoma naira 2,500 ce. Kuma mutane suna son cikakken adadi. Da zarar sun ji ana rangwame a dubu hamsin, da yawa za su tsara sayayyarsu ta faɗa daidai kan iyakar, ba sama ba ƙasa.

Mai rubuta manhajar ba za ta iya rubuta gwaji na uku ba sai ta san amsa, domin gwaji yana bukatar adadi takamaimai a hannun dama. Dole ta ɗaga waya: "Alhaji, wanda ya sayi na dubu hamsin daidai, yana ciki?" Ya ce yana ciki mana. Ta rubuta gwajin 50,000 ya ba da 2,500, ta gudanar, ja. Abin da ta rubuta ɗazu ya bar mutumin a waje. Ta mayar da `>` zuwa `>=`, kore.

A ganina wannan shi ne babban amfanin hanyar, ya fi kama kuskuren rubutu. Tana tilasta a yi tambaya da wuri, tun kafin wani kwastoma ya tsaya gaban kanta yana rantsuwa cewa an cuce shi.

Sai ta ƙara gwajin ɗaya gefen iyakar: 49,999 bai samu komai ba. Wannan karon kore ya fito nan take, ba a ga ja ba. Gwanin aikin ba ya murna da irin wannan kore, tsarguwa yake yi. Gwajin da ba a taɓa ganin ya faɗi ba kamar maigadi ne da ba a taɓa ganin ya tare kowa ba: ko unguwar ce lafiya, ko barci yake yi. Yana yiwuwa an yi kuskuren suna har pytest ba ta ma gudanar da shi ba, domin sai sunan ya fara da `test` take ɗauka. Yana yiwuwa an manta kalmar `assert`, gwajin ya zama ba ya duba komai. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɓata aikin da gangan. Ta mayar da 50000 zuwa 40000 na ɗan lokaci, ta ga gwajin ya yi ja, ta mayar da shi yadda yake. Yanzu ta san maigadin idonsa biyu. Duk abin bai ɗauki daƙiƙa talatin ba.

Saura tsohon kwastoma. Gwaji: tsohon kwastoma ya sayi na 20,000, a cire masa 2,000. Ja, domin yankin bai ma san akwai tsoho da sabo ba. Ta ƙara masa:

```python
def rangwame(kudi, tsoho=False):
    if tsoho:
        return kudi * 10 // 100
    if kudi >= 50000:
        return kudi * 5 // 100
    return 0
```

Kore, har da gwaje-gwajen baya duka, domin kowane zagaye ana gudanar da su gaba ɗaya. Wannan ma riba ce da ke taruwa a hankali: kowane sabon mataki yana da shaidu cewa bai rushe na baya ba.

Amma ga tambaya ta sake tasowa. Tsohon kwastoma ya sayi na 60,000. Ya cika sharuɗɗa biyu. Amsa uku ce ke yiwuwa, kuma kowacce akwai shagon da ke aiki da ita. Idan mafi girman rangwamen kaɗai za a ba shi, 6,000 ne. Idan za a haɗa goma da biyar su zama kashi goma sha biyar, 9,000 ne. Idan kuma za a cire goma, sannan a cire biyar daga abin da ya rage, zai biya 51,300, rangwamen ya zama 8,700. Tsakanin ta farko da ta biyu naira 3,000 ce a rasit ɗaya. A kayan masarufi, inda ribar kwali ba ta taka kara ta karya ba, wannan na iya cinye ribar cinikin gaba ɗaya.

Abin lura shi ne, rubutun da ke sama ya riga ya zaɓi amsa ta farko, ba don wani ya yanke shawara ba, sai don kawai layin `tsoho` ya zo a sama. Sa'a ce. Ta sake kiran mai shago, ya ce a'a, ba a haɗawa, babba kawai. Ta rubuta gwajin 6,000, ta tabbatar yana iya faɗuwa, ta bar shi. Yanzu abin da ya kasance sa'a ya zama doka a rubuce, kuma duk wanda ya zo gaba ya juya layukan zai ga ja.

Zuwa nan komai kore ne, lokacin kintsawa ya yi. Duba rubutun: lissafin kashi ya bayyana sau biyu, ga kuma 50000 da 10 da 5 zube ba suna. Bayan wata shida ba wanda zai tuna me suke nufi. Sai ta raba aikin gida biyu, zaɓen kashi daban, lissafi daban:

```python
IYAKAR_SARI = 50000

def kashi(kudi, tsoho):
    if tsoho:
        return 10
    return 5 if kudi >= IYAKAR_SARI else 0

def rangwame(kudi, tsoho=False):
    return kudi * kashi(kudi, tsoho) // 100
```

Ba a ƙara sabon hali ba, ba a taɓa gwaji ko ɗaya ba. Ta gudanar, kore. Wannan ita ce shaidar kintsawa ta gaskiya: ciki ya canza, amsa ba ta canza ba. Martin Fowler ya rubuta littafi guda a kan wannan mataki kaɗai a 1999, mai suna Refactoring. Ƙa'idarsa mai tsauri ɗaya ce a nan: ba a kintsawa alhali allo yana ja. Idan kana sauya fasali kana kuma neman gyara gwajin da ya faɗi, abu ya lalace, ba za ka san wanne hannu ya yi ɓarnar ba. Idan kuwa daga kore ka tashi, ka taɓa abu ɗaya ya yi ja, ka san mai laifi: abin da ka taɓa yanzun nan. Sai ka janye shi kawai.

Kuma wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa. Kore yana da daɗi, mutum ya ga aiki na tafiya sai ya zarce gwaji na gaba. Bayan wata uku sai a tarar da yanki ɗaya mai sharuɗɗa ashirin a cusa cikin juna, gwaje-gwaje duka kore, amma ba mai iya karanta shi.

Ladan kintsawar ya fito nan da nan. Ka tuna mai shago ya ce kada rangwame ya yi yawa. Yawa nawa? Da aka matsa masa ya ce kada ya wuce 20,000 a rasit ɗaya. Gwaji: tsohon kwastoma, sayayyar 300,000. Kashi goma 30,000 ne, amma ana jiran 20,000. Ja. Tunda yanzu wuri ɗaya ake lissafi, layi ɗaya aka taɓa:

```python
    return min(kudi * kashi(kudi, tsoho) // 100, 20000)
```

Kalmar `min` tana ɗaukar ƙarami cikin biyun. Da ba a kintsa ba, da wuri biyu za a sa wannan rufi, kuma wuri biyu shi ne inda ake mantawa da ɗaya.

Akwai kuma maganar kwabo. Kashi biyar na 50,010 shi ne naira 2,500 da kwabo 50. Alamar `//` tana yar da ɓurɓushin, rangwamen ya tsaya 2,500, kwabo hamsin ya zauna wajen mai shago. Ba wanda zai yi faɗa a kan kwabo hamsin yau, amma idan rasit ya ce wani abu, littafin akanta ya ce wani, ƙarshen wata sai an kwana ana neman inda bambanci ya shiga. Don haka wannan ma a tambaya, a rubuta masa gwaji. Dalilin da ya sa ta guji lissafi da ɗigo tun farko kuwa sananne ne: kwamfuta ba ta riƙe irin waɗannan adadi cif. Ka buga `0.1 + 0.2` a Python, amsar da za ta ba ka `0.30000000000000004` ce. Shi ya sa masu manhajar kuɗi sukan ƙirga komai da kwabo a matsayin cikakken adadi, sai wajen buga rasit su mayar naira.

Na yi alkawarin dawowa kan lissafin hannu. Akwai gwajin da ake rubutawa haka: a ce amsar `rangwame(60000)` ta yi daidai da `60000 * 5 // 100`. Yana kama da gwaji, amma madubi ne. An kwafi lissafin cikin manhaja an sa a gwaji, don haka idan tunanin ya karkace, duka biyun tare za su karkace, allo kuma ya yi kore. Adadin da ke cikin gwaji ya kamata ya fito daga wani wuri dabam: takarda da biro, ko tsohon rasit, ko bakin mai shago.

To ina iyakar hanyar? Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya daɗe da faɗin cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. Misalinmu ya isa shaida. Gwaje-gwajenmu duka kore ne, amma ba wanda ya tambayi abin da zai faru idan an dawo da kaya. Mutum ya sayi na 60,000, an cire masa 3,000, gobe ya dawo da kayan 15,000. Abin da ya rage a hannunsa 45,000 ne, bai kai iyaka ba. A karɓe rangwamen ko a bar masa? Manhajar ba ta sani ba, kuma ba ja da zai fito ya faɗa, domin ba a rubuta gwajin ba. Kore yana nufin abin da aka tambaya an amsa, ba ya nufin an yi duk tambayoyin.

Akwai wanda ya fi wannan. Wanda ya ɗauki kayan 49,000 zai biya 49,000. Wanda ya ɗauki na 50,000 zai biya 47,500. Ya fi kwasar kaya, ya fi biyan kaɗan. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi ta yi. Dokar ce ke da rami, kuma wataƙila mai shago yana sane, yana so ne mutane su ƙara sayayya su haye iyaka. Wataƙila kuma bai taɓa lura ba. Gwaji ba zai yanke wannan hukunci ba. Abin da ya yi shi ne ya jera adadin a gaban ido, 49,999 kusa da 50,000, inda mai hankali zai gani ya yi magana.

Ba kowa ne a cikin masu sana'ar ya yarda da hanyar ba. A 2014 David Heinemeier Hansson, wanda ya ƙirƙiri Ruby on Rails, ya yi rubutu yana cewa zamaninta ya wuce, yana ƙorafin cewa nacewa a kanta na sa mutane su lanƙwasa fasalin manhaja don kawai ta gwadu. Daga baya shi da Beck da Fowler suka yi jerin tattaunawa a bainar jama'a a kan batun. Ƙorafin yana da tushe a wasu wurare. Idan ana tsara yadda allo zai yi kyau a ido, ko ana laluben abin da ba a ma san siffarsa ba tukuna, rubuta gwaji da farko wahala ce. Haka nan idan kowane gwaji sai ya jira intanet ko rumbun bayanai, zagayen daƙiƙa biyu ya koma minti biyar, mutane za su daina gudanar da shi, hanyar ta mutu da kanta. Amma dokar rangwame ba ta cikin waɗannan. Adadi ke shiga, adadi ke fita, gwaje-gwajen duka suna gudana kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli. Idan akwai inda hanyar ta zauna daram, nan ne.

Abin da ya rage a hannun mai shago bayan aikin ba manhaja kaɗai ba ce. Akwai jerin gwaje-gwaje, kowanne da sunansa da adadinsa, waɗanda ko bai iya Python ba za a iya karanta masa su ɗaya bayan ɗaya ya ce e ko a'a. Ranar da ya ce saboda azumi a sauke iyaka zuwa 40,000, gwajin za a fara canzawa, a ga ja, sannan a taɓa `IYAKAR_SARI`.

Kai kuma mai shago, idan ka ba da aikin manhaja aka ce maka an gama, kada ka tsaya a kallon rasit ɗaya. Ka ce a nuna maka gwajin wanda ya sayi na dubu hamsin cif, sannan ka ce a ɓata lissafin a gabanka ka ga allon ya yi ja.